Na'ura ba ta ba da ko dala ba, an zare sau biyu

Jama'ar Diffa, mu bar yarda da "je ka dawo". Manomin tattasai daga bakin Komadugu ya sa kati, ya nemi jika 50, na'ura ba ta fito da komai ba, amma an zare mishi jika 100. Wannan kuɗin taki ne fa!

Ƙorafin baki ba ya barin shaida. Mu rubuta wa shugaban reshe takarda: rana, awa, wurin na'urar, lambar tikiti, da takardar asusu mai nuna cirewa biyu. Mu nemi a duba rajistar na'urar, a ƙirga kuɗin cikinta, don rarar tana nan. A buga mana hatimi a kwafi. In wata guda ya wuce shiru, sai Hukumar Bankuna ta UMOA.