Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Shagunan Cike Fom



Kullum jama'a na turo muku hoton katin shaida ta WhatsApp don ku cike musu fom. Ina roƙonku abu biyu.

Na farko, in manhaja ta karanto muku rubutun katin, ku gwada shi da hoton. Ƙyallin leda kan sa ta ɗauki 8 a matsayin 3, ko ta juya rana da wata. Lambar NIN guda 11 ce, ku ƙirga.

Na biyu, da an gama, ku goge hoton daga waya da kwamfuta, har da kwandon shara, a gaban mai shi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanku.

Katin mutum amana ce, ku riƙe ta.

Wassalam.