Intabiyu Suna Ta Tara: A Fara Faɗin Aikin Kafin a Nemi Tambayoyi

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗaukar aiki, sai saƙo iri ɗaya ya cika wayoyin matasan Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa: "Don Allah a taimaka da tambayoyin intabiyu." Ba sunan aiki, ba mataki, ba bayanin yadda za a yi ganawar. Nan take wani zai turo tambayoyi ɗari da ya kwaso daga intanet, mai nema ya kwana yana hadda. Wannan taimako ne mai cutarwa, domin yana sa mutum ya ji ya shirya alhali bai shirya ba. Wanda ya san abin da yake yi ba zai ba da tambaya ko ɗaya ba sai ya ji amsar abubuwa uku.

Na farko shi ne aikin kansa. A ɗauki matashin da ya gama difloma a fannin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. In ya ce "aikin kwamfuta" yake nema, bai faɗi komai ba. Mai shigar da bayanai za a gwada saurin bugunsa da yadda yake tara lissafi a Excel. Mai kula da na'urori kuwa za a ce masa: kwamfuta ɗaya a ɗaki ta ƙi hawa intanet, saura suna aiki, me zai yi? Amsa mai kyau tana bin tsari. Zai duba kebul da fitilar ramin da aka soka shi, sannan ya buga `ipconfig`. In lambar da ta fito ta fara da `169.254`, kwamfutar ba ta samu adireshi daga na'urar da ke rarrabawa ba. Wanda ya haddace "faɗa mana game da kanka" kawai, a nan zai yi turus.

Na biyu shi ne mataki. A aikin gwamnati, mai ƙaramar difloma yakan fara a mataki na 6, mai babbar difloma ko digiri a mataki na 8, kuma abin da ake nema daga gare su ya bambanta. Sabon shiga ana so a ga ya iya gyara da hannunsa, ya kuma san lokacin da zai kai matsala gaba. Wanda zai shugabanci sashe, misali a wuri irin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura, tambayarsa ta yanke shawara ce: wuta ta ɗauke ana tsakiyar jarrabawar kwamfuta, janareta ya ƙi tashi, wa zai fara kira, kuma ta yaya zai hana amsoshin ɗalibai ɓacewa? In aka yi wa sabon shiga atisaye da irin wannan, tsoro kawai za a cusa masa. In aka yi wa babba da tambayar kebul, an ɓata masa lokaci.

Na uku shi ne yadda za a yi ganawar. Jarrabawar kwamfuta mai zaɓin amsa tana buƙatar atisaye da agogo. Zama gaban kwamiti a Dutse yana buƙatar amsa da baki, da Turanci, cikin minti ɗaya ko biyu, abokai uku suna jefo tambaya suna katse shi. In ta bidiyo ce a Zoom ko Google Meet, to a yi gwajin da wayar da za a yi amfani da ita, a wurin da za a zauna, a daidai lokacin. Ɗan Gwiwa ko Roni da sabis ke yi masa wasa gara ya gano haka kwana biyu kafin ranar, ya nemi wuri mai ƙarfin sabis ko ya shigo Kazaure da wayarsa cike da caji.

Wasu za su ce ai sau da yawa saƙon gayyata ba ya bayyana waɗannan. Gaskiya ne, amma sanarwar neman ma'aikata ta asali takan lissafa ayyukan muƙamin, kuma kowane layi a ciki tambaya ce. "Kula da na'urorin ofis" yana nufin za a tambayi yadda ake gyara firinta da ta ƙi bugawa. Kiran ofishin a tambayi tsarin ganawar ba abin kunya ba ne. In kuwa gayyatar ba ta ambaci muƙami ba sam, kuma ana neman a tura kuɗi kafin a zo, to ba atisaye ake buƙata ba, a yi hattara da 'yan damfara.

Saƙon da ya dace gajere ne: "Mai kula da kwamfutoci, matakin farko, gaban kwamiti, da Turanci, ranar Talata, ga hoton sanarwar." Da wannan, tsohon ma'aikaci zai iya fitar da tambayoyi goma masu kama da na ranar. Goman nan sun fi ɗarin da aka kwaso.