Maɓallin Collab Kaɗai Ba Ya Raba Haƙƙi Tsakanin Mutum Biyu

Tun 2021 Instagram ya fito da Collab, wanda ke ba mutum biyu damar fitar da fosti ɗaya a shafukansu biyu. Kafin a wallafa, ana shiga Tag people, a taɓa Invite collaborators, a zaɓi abokin aiki. Da ya amince, sunayen biyu za su hau sama, kuma layik da sharhi duk wuri ɗaya suke taruwa. Da yawa na ɗaukar cewa an gama adalci ke nan. Ba a gama ba, musamman a karosel, wato jerin hotunan da ake ja da yatsa falle bayan falle.

A ɗauki misali. Wani matashi a Wurno yana ɗaukar hotunan gonakin tafarnuwa da albasa. Wani a Goronyo ya san harkar ban ruwa da lokacin da ake sako ruwan dam zuwa gulbin Rima. Sun yanke shawarar yin falle goma kan noman rani. Rabon da ya fi saurin zuwa musu a rai shi ne biyar na farko ga ɗaya, biyar na ƙarshe ga ɗayan. A lissafi daidai ne, amma a zahiri an cuci na biyun, domin mutane kan gaji su wuce tun kafin su kai ƙarshe. Wanda aka ba falle na shida zuwa na goma ya yi aiki ne ga ragowar masu kallo.

Ya fi kyau a raba bisa abin da kowa ya iya. Na Wurno ya kawo hoton kowane falle, na Goronyo ya rubuta bayanin da zai hau kai, ta yadda hannun kowa na cikin dukkan goman. Idan duka biyun marubuta ne, sai a saɓa: na uku na wannan, na huɗu na wancan. Falle biyu na farko kuwa ba na kowa ba ne, tare za a yi su. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya bayyana a 2024 cewa idan mutum ya ga karosel bai ja ba, manhajar kan sake nuna masa shi daga falle na biyu. Ashe na biyun ma bango ne, dole ya tsaya da ƙafarsa. Kada ya fara da “sannan kuma”.

Wajen daidaita murya ne aikin yake yawan tonuwa. Falle na uku ya ce “ku shayar”, na huɗu ya ce “ka shayar”. Ɗaya ya rubuta “shina”, ɗayan “yana”. Sakkwatanci ba aibi ba ne, ga manoman Wurno ma ya fi shiga kunne, amma a zaɓi ɗaya tun farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara rubuta kalmomin dukkan fallayen a saƙo ɗaya, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi ta waya, ɗayan yana saurare. Duk inda aka ji kamar wani ya karɓe zancen, nan ne za a gyara.

Haka ma zane. Fayil ɗaya za a buɗe a Canva, girman 1080 × 1350, su biyun su yi aiki a cikinsa. Kafin komai a gwada salon rubutun da kalmar “ƙwanƙwasa” da “ɗanɗano”, domin da yawa ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai ƙ ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Noto Sans yana da su. Hotuna kuma a turo su ta WhatsApp a matsayin Document, in ba haka ba zai matse su, falle ɗaya ya fito tar, na kusa da shi dishi-dishi.

Babbar matsalar Collab ita ce sunayen nan biyu a cikin Instagram kawai suke rayuwa. Da zarar wani ya ɗauki hoton allon falle na bakwai ya jefa a zauren WhatsApp na manoman Rabah, sunaye na iya tafiya, kuma ta nan ne yawancin mutanen yankin za su ga aikin. Don haka kowane falle ya ɗauki sunayen biyu a ƙasa, da ƙaramin rubutu iri ɗaya, tare da aikin kowa: hoto daga wane, bayani daga wane. “Godiya ga ɗan'uwana” a ƙarshen dogon bayanin fosti ba ambato ba ne, don yana ɓoye bayan more.

Saura ikon mallaka. Wanda ya wallafa shi ne mai fostin: zai iya cire abokinsa, in kuma ya goge, ya ɓace daga shafukan biyu. Wannan ba ya rabuwa, sai dai a yi karɓa-karɓa, na tafarnuwa ya fito daga shafin Wurno, na gaba kan shinkafa daga shafin Goronyo. Idan wani mai shagon taki ya biya kuɗin talla a falle na goma, a rubuta kason kowa a saƙo tun kafin a taɓa Share, domin kuɗin asusun mutum ɗaya zai faɗa.