Sanarwar Bayan Taron Masu Sayar da Atamfa da Shadda Kan Karɓar Kuɗi Ta Tiransifa

Ƙungiyarmu ta masu sayar da atamfa, shadda da leshi ta yi taron mambobi a Kano domin duba yadda ake damfarar 'yan kasuwa wajen karɓar kuɗin kaya daga abokan ciniki na nesa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, yawancin cinikinmu da mutanen Legas, Abuja, Maiduguri da Maraɗi ya koma ta banki ko ta asusun waya irin su OPay, PalmPay da Moniepoint. Iyayen ƙungiya, masu shaguna, yaran shago da mata masu sayarwa daga gida duk sun halarta. Bayan sauraron koke-koke da doguwar tattaunawa, taro ya fitar da wannan sanarwa.

ABUBUWAN DA TARO YA LURA DA SU

Na ɗaya, alat ɗin bogi. Taro ya fahimci cewa saƙon tes da hoton rasit ba hujja ba ne cewa kuɗi ya shigo. Ɗan damfara yana iya tura saƙo mai ɗauke da sunan banki, yana kuma iya gyara tsohon rasit ya sauya suna, adadi da lokaci. Ko rasit na gaskiya mai ɗauke da kalmar Successful yana nuna abin da ya faru a ɓangaren mai turawa ne kawai. Idan an samu tangarɗa tsakanin bankunan biyu, kuɗin na iya komawa wurin mai shi bayan kaya sun bar tasha. Alamar da aka fi gane macuci da ita ita ce gaggawa: ya ce netwok ne ya riƙe kuɗin, mota za ta tashi, a taimaka a ba direba kayan.

Na biyu, kuɗin da ya shigo da gaske amma da sunan wani. Wannan ne ya fi ɗaukar lokacin taro, domin ko mai taka-tsantsan yana faɗawa. Wani mamba ya ba da labarin abin da ya same shi. Wani mutum ya kira shi ya yi cinikin turmi goma na atamfa a kan naira 18,000 kowanne, jimilla naira 180,000, ya karɓi lambar asusu. A daidai wannan lokacin mutumin yana tallata wayar hannu ga wata mata a wani gari a kan naira 180,000, wayar da ba shi da ita. Da matar ta nemi inda za ta biya, sai ya ba ta lambar asusun mamban namu. Kuɗi ya shigo cif-cif, mamba ya duba ya gani, ya miƙa kaya ga mai adaidaita sahun da aka aiko. Da matar ta ga waya ba ta zo ba, ta kai ƙara, aka sa wa asusun mamban takunkumi, ya kasa cire ko kwabo har da sauran jarinsa da ke ciki. A takarda shi ne ya karɓi kuɗin matar, ɓarawon kuwa sunansa bai fito ko'ina ba. Alama guda ce ta kasance tun farko: sunan da ya fito a kan kuɗin na mace ne, wanda ya yi cinikin kuma namiji ne.

Na uku, dabarar "na tura fiye da ƙima". Mai saye zai tura naira 250,000 maimakon 150,000, ya kira yana roƙo a mayar masa da 100,000 ta wani asusu daban. Sau da yawa kuɗin farkon daga asusun da aka yi wa kutse ya fito. Ranar da mai asusun ya kai ƙorafi, ɗan kasuwa ne zai amsa tambaya a kan kuɗin gaba ɗaya.

MATSAYAR DA TARO YA CIMMA

1. Kada kaya su fita daga shago sai mai shago ya shiga manhajar bankinsa da kansa, ko ya danna lambar bankin a wayarsa, kamar *737# ta GTBank, *894# ta First Bank ko *919# ta UBA, ya ga kuɗin sun ƙaru. Abin dubawa shi ne Available Balance, domin Ledger Balance yana iya haɗawa da kuɗin da bai gama wanyewa ba, kamar na caki.

2. Idan mai saye ya ce an cire masa kuɗi amma ba su iso ba, ya karɓi lambar Session ID mai alƙaluma 30 daga bankinsa ya bi sawu. Kaya za su jira a shago har kuɗi ya sauka. Babu mamban da za a zarga da rashin mutunci don ya bi wannan ƙa'ida.

3. Kafin a ba da lambar asusu, a tambayi mai saye da wane suna kuɗin zai zo. Idan sunan ya saɓa, a dakatar da kaya har sai an yi magana kai tsaye da mai asusun, ya faɗi da bakinsa kayan da yake biya da adadinsu. Abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram da ke biya ta hannun masu canji su sanar da sunan mai canjin tun kafin a tura, kuma ya zama wanda aka sani a kasuwa.

4. Duk kuɗin da za a mayar, a mayar da shi asusun da ya fito kaɗai. Idan adadin yana da yawa, a je banki a rubuta takarda domin a samu shaida.

5. Kowane mamba ya ware asusun ciniki daban da na ajiyar jari, ya riƙa kwashe kuɗi kullum da yamma, don kada takunkumi ɗaya ya tsayar da kasuwancinsa duka. Masu amfani da asusun waya na matakin farko su sani cewa ba ya riƙe sama da naira 300,000, don haka su ɗaga matakinsa kafin su karɓi babban ciniki.

6. Lambar asusu mai alƙaluma 10 ita kaɗai mai saye yake buƙata. Wanda ya nemi lambar sirri, lambar kati, BVN ko lambar OTP da sunan zai tura kuɗi, ɓarawo ne, a katse wayar.

7. A ajiye hirar ciniki, lambar wayar mai saye, rasit ɗin tasha, lambar mota da sunan direba. Waɗannan su ne za su wanke ɗan kasuwa ranar da aka tuhume shi.

KIRA

Taro yana kira ga duk wanda aka damfara da ya sanar da bankinsa a ranar, a rubuce, ya karɓi lambar ƙorafi, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Idan banki ya yi shiru, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Najeriya. Haka nan a sanar da sakataren ƙungiya lambar wayar da aka yi amfani da ita, don a faɗakar da sauran mambobi kafin a sake gwada ta a wani layin.

Muna roƙon iyayen gida da su karanta wa yaran shagonsu wannan sanarwa, domin su ne suka fi miƙa kaya idan maigida ba ya nan. Muna kuma roƙon abokan cinikinmu na gaskiya su yi mana uzuri idan mun ce a jira kuɗi ya sauka. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a kasuwa.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Ƙungiya