Malam Zai Koma Aji

 Ranar Lahadi mun kai ziyara gidan tsohon malaminmu na lissafi a Mando, muka tarar da shi yana ja wa farar takarda layi. Ashe digiri na biyu yake nema, irin wanda ake yi ba tare da an ajiye aiki ba, kuma sai ya gamsar da shugaban makarantarsu cewa ajinsa ba zai zauna babu malami ba.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne takardun da ya tara. Ban da shaidar digirin farko da ta hidimar ƙasa, har da sakamakonsa na WAEC, domin jami'a tana sake duba kiredit 5 ɗin nan, ciki har da Turanci. Ku da za ku zauna jarrabawa bana, ku riƙe wannan.

Sai wasiƙar neman izini, wadda za ta bi ta hannun shugaban makaranta kafin ta kai sama. Malam bai rubuta “zan yi ƙoƙari” ba, lissafi ya yi. Lacca za ta ci awa 2 ranar Juma'a bayan La'asar da awa 6 ranar Asabar, awa 8 ke nan. Bita kuma awa ɗaya da rabi bayan Isha'i daga Litinin zuwa Alhamis, da awa 4 ranar Lahadi, jimilla awa 10. Duk cikin awa 18 ɗin nan babu wadda ta shiga lokacin koyarwa.

Muka ce, “Malam, ai tun Disamban 2021 Jihar Kaduna ta koma aikin kwana 4, Juma'a taka ce.” Ya ce, “Yarana, tsarin gwamnati yana iya sauyawa, shi ya sa ban taɓa safiyar Juma'a ba.”

Hanya ma ya sa ta a lissafi. KASU tana cikin gari, daga Mando ka bi ta Kawo ka isa. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa tana Zariya, wajen kilomita 80, kuma zuwa da dawowa kaɗai zai cinye bitar dare biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshen zango, lokacin da jarrabawarsa za ta iya cin karo da duba takardun ɗalibai. Don haka ya rubuta sunan malamin da za su yi musayar darasi, ya kuma yi alkawarin kai jadawalin jarrabawa ofis da zarar an kafe shi. Ya ce wanda ya tafi karatu babu izini a rubuce, takardar tuhuma na jiransa, kuma yana iya shan wahala kafin a sa masa digirin a fayil.

Da za mu tafi ya ba mu aikin gida, mu ma mun miƙo muku: ku rubuta awannin bitarku na mako, ranar Lahadi ku ƙirga nawa kuka cika. Sai mako mai zuwa.