Takardar shaida ta faɗi abin da mutum ya koya

A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar na shiga cikin yara. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki takardar shaidar taron bita a yankin nan a matsayin ado ba. Da ita ake zaɓen wanda zai koma ƙauye ya koyar da wasu.

A ce an shirya bitar kwana uku a garin Anka kan kare yara daga dalma, zama biyu kowace rana, jimilla shida, kuma dokar ita ce sai wanda ya halarci kashi 80 cikin ɗari zai sami takarda. Malami daga Gummi ya zauna biyar, wato kashi 83, amma ya tsallake zaman da aka nuna yadda ake niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi. Ma'aikaciyar lafiya daga Bagega kuwa rashin tsaron hanya ya cinye mata ranar farko, ta sami huɗu, kashi 67, ciki har da wancan zaman. Shi ya ci, ita ta faɗi, alhali ita ce ta ga abin da ke ceton rai.

Rajistar ma da nata aibin. Idan sau ɗaya ake sa hannu, da safe, ba za ta nuna wanda ya sulale bayan azahar ba. Idan kuma da ita ake biyan kuɗin mota, dole aboki ya sa wa aboki hannu. Alamar ba ta ɓuya: sunaye uku a jere da rubutu iri ɗaya, ko sa hannu arba'in a ɗakin da aka ƙirga mutum talatin.

Ra'ayina shi ne a sa hannu a ƙarshen kowane zama, da boko ko ajami ko dangwale, mai koyarwa ya ƙirga kawuna ya rufe shafin nan take. Rajistar kuɗin mota a ware ta daban. Tun a takardar gayyata a bayyana zaman da ba makawa sai an halarta. Wanda ya cika su ya karɓi takardar kammalawa, wanda bai cika ba ya karɓi ta halarta, an jera darussan da ya zauna, ya cike gurbin a bita ta gaba.

Za a ce wannan ƙarin aiki ne, kuma wani babba zai ji kunya. Gaskiya ne. Amma kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan a tura wa ƙauye malamin da bai ga darasin ba.