Ƙarin Farashin Taki da Amanar Manomi

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon takin zamani daga Funtuwa ko Malumfashi zuwa Gozaki ya tashi, kuma babu mai ganin laifin dillali idan ya ƙara farashi, sai dai yadda ya sanar da ƙarin shi ke nuna ko abokan cinikinsa za su dawo. Manomin masara yana lissafin buhunan da zai saya tun kafin saukar damina, don haka wajibi ne ya ji labari a lokacin da yake iya sayar da akuya ko rage faɗin gona, domin wanda ya ji ƙari ranar zuba taki gani zai yi an yi masa kwanton ɓauna. Idan, alal misali, buhun yuriya mai kilo 50 zai tashi daga naira 30,000 zuwa 33,000, ya dace dillali ya fayyace cewa 2,000 ƙarin sari ne, wato farashin da shi kansa ya sayo kaya, 1,000 kuma na mota da lodi, sannan ya faɗi ranar da sabon farashi zai fara aiki. Wanda ya karɓi taki bashi zuwa kaka kuwa, a bar shi kan tsohon alkawari. Mafi muni shi ne ɓoyayyen ƙari ta hanyar rage awo, domin manomin da ya ɗora buhu a sikeli ya ga ya gaza ba zai sake yarda da dillalin ba, kuma zai gaya wa maƙwabtansa.